Na Nemi Malam Ya Duba Insha'ina, Sai Ya Rubuta "Ya Yi Kyau"

Assalamu alaikum Malama. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare. Yau Litinin 3 ga wata, kuma ranar Litinin 24 za mu zauna jarrabawar harshe, wadda a cikinta ake ba mu minti 50 mu rubuta insha'i mai kalma 450. A watan jiya na kai wa malaminmu insha'in gwaji, na ce, "Malam, don Allah a duba mini sosai, a gyara mini duk kurakuraina kafin jarrabawa." Sai bayan kwana goma ya dawo mini da shi, ya zagaye kalmomi shida da jan biro, ya rubuta a ƙasa, "Ya yi kyau, a ƙara ƙoƙari." Har yanzu ban san inda nake zubar da maki ba. Na sake rubuta wani, ga shi na haɗo miki. Ina so in aika masa saƙo ya yi mini cikakken bayani a kansa, amma ina jin nauyinsa domin ɗalibansa suna da yawa. Me ya kamata in rubuta masa?

Wa alaikumus salam 'yata. Kafin mu zo kan saƙon, ina so ki fara sauke wa malaminki laifi, domin a ganina ya amsa ainihin abin da kika tambaye shi ne. Na daɗe ina duba rubutun ɗalibai, kuma na san abin da ke faruwa idan aka miƙa wa malami takarda aka ce ya gyara komai. Karanta kalma 450 ba ya wuce minti huɗu ko biyar, amma bin kowane sakin layi, da auna kowace hujja, da rubuta dalilin kowane gyara, aiki ne da yakan ci kusan rabin awa. Malamin da ke da tarin takardu a gabansa, kuma ba a faɗa masa inda ake jin ciwo ba, zai kama abin da ido ya fi saurin gani, wato kalmar da aka rubuta ba daidai ba da waƙafin da aka manta, sannan ya rufe da kalma mai daɗi don kada ya karya wa ɗaliba gwiwa. Kalmar "sosai" ba ta ƙara masa haske ko kaɗan. Cikakken bayani yana fitowa ne idan an taƙaita tambaya, aka nuna wa malami wuri biyu ko uku aka ce nan ake so ya tona. Wannan kuma shi ne maganin nauyin da kike ji, domin saƙon da ya rage masa aiki ba takurawa ba ne.

Akwai abu guda da na lura da shi tun kafin in karanta layin farko na takardar da kika aiko. Rubutun yana da tsabta ƙwarai, babu wurin da aka soke kalma, kuma hannun bai canja ba daga sama har ƙasa. Rubutun da aka yi da agogo a gaba ba ya zama haka. Yakan fara da kyau, sannan haruffa su fara kwanciya a shafi na biyu, a ga an soke nan an cusa kalma can. Ina kyautata zaton kin rubuta a wata takarda, kika gyara, sannan kika kwafe. Idan haka ne, abin da malam zai duba ba shi ne abin da za ki iya yi ranar 24 ba, kuma duk makin da ya ba ki zai ruɗe ku ku biyun. Ba sai kin jefar da wannan ba, tunda lokaci ya ƙure, amma ki faɗa masa gaskiyar yadda aka yi shi: minti nawa ya ci, ko kin duba ƙamus, ko kin sake kwafewa. Wanda za ki rubuta nan gaba kuwa, ki yi shi a zama ɗaya cikin minti 50, ki ajiye biro idan lokaci ya cika ko da a tsakiyar jimla ne, ki kai shi da soke-sokensa. Inda lokaci ya yanke miki shi ma bayani ne da malam yake bukata.

Sai shirin takardar kanta. Ki kwafe tambayar a saman shafi kalma da kalma, kamar yadda aka yi ta, domin abu na farko da mai ba da maki yake aunawa shi ne ko an amsa tambayar da aka yi, kuma ba zai iya auna wannan da taƙaitawarki ba. Ki sa wa kowane sakin layi lamba a gefe, daga 1 zuwa 5, ki ƙirga kalmomin ki rubuta jimillarsu a ƙasa. Lambobin nan ƙaramin abu ne, amma su ne za su ba shi damar ya ce miki "sakin layi na 3, jimla ta biyu" maimakon ya ce "tsakiyar ba ta yi ba". Idan hoto za ki ɗauka ki tura, ki shimfiɗa takardar a wuri mai haske, kowane shafi da hotonsa, ki buɗe hoton ki tabbatar ke kanki kina iya karanta layin ƙarshe. Idan kuwa hannu da hannu za ki ba shi, ki riƙe kwafi, ki kuma bar fili a gefen shafi inda zai yi rubutu.

Yanzu ga inda aikin yake, wato samo tambayoyin da za ki yi masa. Hanyar da nake koya wa ɗalibaina ita ce su ɗauki wata takarda, su rubuta abin da kowane sakin layi ya faɗa a jimla guda kacal. Sakin layin da ya ƙi shiga jimla guda, ko wanda jimlarsa ba ta taɓa tambayar ba, a nan matsala take. Na gwada wannan a kan naki. An ce ki goyi baya ko ki yi adawa da ra'ayin cewa a hana ɗalibai zuwa makaranta da wayar hannu, ke kuma kin goyi baya. Sakin layi na 1 ya ce waya ta yaɗu kuma tana da amfani, ya kuma ci kalma kusan 120, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka nema, ba tare da mai karatu ya san ɓangaren da kike ba. Matsayinki bai fito ba sai a jimlar ƙarshe ta sakin layi na 2. Na 3 ya ƙi shiga jimla guda, domin kin fara da yadda waya take ɗauke hankali a aji, kika tsallaka zuwa satar amsa, kika dawo kan ɗauke hankali, duk a cikin wata doguwar jimla da "kuma" ta ɗaure sau biyar. A na 4 kin kawo hujjar masu adawa, cewa iyaye suna bukatar hanyar samun 'ya'yansu idan wani abu ya taso, kika faɗe ta da kyau har ta kusan fin naki ƙarfi, sannan kika wuce ba ki ba ta amsa ba. Na 5 kuma layi biyu ne.

Kada ki ɗauki wannan a matsayin hukunci. Malaminki ne ya san tsarin ba da maki na jarrabawarku, shi ya san abin da ake yafewa da abin da ake cire wa maki. Abin da na yi kawai shi ne nuna miki cewa cikin minti goma ɗaliba za ta iya gano wuraren da take shakka, kuma waɗannan wuraren su ne tambayoyinta. A jarrabawar insha'i an saba raba maki tsakanin abin da aka faɗa, da yadda aka tsara shi, da sarrafa harshe, da kiyaye ƙa'idojin rubutu. Kalmomi shidan da aka zagaye miki a watan jiya duk a rukuni na ƙarshe suke, saboda haka sauran ukun ba a taɓa su ba tukuna. Tambayoyinki su nufi can.

Yadda aka gina tambaya shi ke yanke irin amsar da za ta dawo. Idan kika ce "Gabatarwata ta yi?", amsar ita ce "ta yi", magana ta ƙare. Idan kuwa kika ce "Ban bayyana matsayina ba sai a ƙarshen sakin layi na 2, wannan jinkirin zai rage mini maki, kuma me ya kamata in yanke daga na 1?", babu yadda za a amsa wannan da kalma biyu. Kowace tambaya ta ambaci wuri, ta faɗi abin da kike zargi, ta kuma nemi abin da za a yi. Uku sun isa. Na san zuciya za ta so a ƙara ta huɗu da ta biyar, amma da zarar sun yi yawa kin koma gidan jiya, wato "a gyara komai" da wasu kalmomi. Ki kuma jera su bisa muhimmanci, ki faɗa masa cewa idan lokaci bai ba shi ba, ta farko kaɗai ma ta wadatar. Malamin da aka ba shi wannan ƙofa yakan zauna ya fara, kuma wanda ya fara sau da yawa yakan ƙarasa.

Game da ƙa'idojin rubutu, akwai roƙon da ya fi "a gyara duka" amfani nesa ba kusa ba. Ki ce ya nuna miki kuskuren da ya fi maimaituwa, ya gyara misali ɗaya, ya bar miki sauran ki nemo da kanki. Ɗaliba takan ga ja a wuri ashirin ta ɗauka kurakurai ashirin ta yi, alhali sau da yawa iri uku ne suke ta dawowa. Idan ya gyara duka ashirin ɗin, kin sami takarda mai tsabta wadda ba za ki shiga ɗakin jarrabawa da ita ba. Idan ya sa wa kuskuren suna, za ki gane shi a rubutun da ba ki yi ba tukuna.

Sai maganar rana, kuma a nan ne roƙonki na farko ya fi rauni. "Kafin jarrabawa" a kunnen malami yana nufin har daren 23 ga wata bai makara ba. Bayanin da ya iso a daren nan kuwa ba zai ƙara miki komai ba sai faɗuwar gaba, tunda babu lokacin aiki da shi. Ranar da za ki sa a saƙo ana samo ta ne ta hanyar ƙirgawa da baya. Kwana uku na ƙarshe, daga Juma'a 21, ki bar su don bita, kada ki shigo da sabuwar dabara a cikinsu. Kafin nan kina bukatar ki rubuta sabon insha'i a kan wata tambaya daban don ki ga ko gyaran ya zauna, a kuma duba shi ko da a gurguje ne, saboda haka ya kamata ya kasance a hannu ranar Litinin 17. Kafin shi kuma kina bukatar kwana uku ko huɗu na gyara wannan na yanzu. Lissafin ya kai mu Laraba 12 ga wata. Idan kika aika gobe Talata 4, malam yana da kwana takwas, har da ƙarshen mako a ciki. Ki faɗi ranar tare da dalilinta, domin rana ba dalili tana kama da umarni, amma idan ya ga me za ki yi da kwanakin da suka rage, zai fahimci cewa shiri ne.

Ga yadda zan rubuta da ni ce ke, sai ki sauya shi ya dace da bakinki:

"Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni ce [suna] ta aji [kaza]. Na rubuta insha'in gwaji a kan tambayar hana zuwa makaranta da wayar hannu, na haɗo shi tare da tambayar kamar yadda aka yi ta. Kalma [adadi] ne, ya ɗauke ni minti [adadi], kuma na sake kwafe shi bayan na gama. Na sa wa sakin layukan lamba. Ina roƙon Malam ya taimaka mini a kan abu uku. Na farko, ban bayyana matsayina ba sai a ƙarshen sakin layi na 2. Shin wannan zai rage mini maki, kuma me ya kamata in yanke daga na 1? Na biyu, a sakin layi na 4 na kawo hujjar masu adawa amma ina ganin ban rushe ta ba. Me ya rage a wurin? Na uku, wane kuskure ne ya fi maimaituwa a ginin jimlolina? Idan Malam ya gyara misali ɗaya, zan nemo sauran da kaina. Jarrabawarmu ranar Litinin 24 ce, kuma ina so in gyara wannan in sake rubuta wani kafin nan, shi ya sa nake roƙon in sami bayanin zuwa Laraba 12 idan da hali. Idan lokaci bai isa ba, tambaya ta farko kaɗai ma za ta amfane ni. Idan kuma bayani da baki ya fi wa Malam sauƙi, zan zo da littafina na minti goma a duk lokacin da ya ga ya dace. Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri."

Ki lura ban sa sakin layi na 3 a matsayin tambaya mai zaman kanta ba, duk da cewa shi ne ya fi rikicewa. Dalili shi ne wannan kin riga kin san maganinsa: hujja biyu ce aka cusa a wuri ɗaya, a raba su. Ba a kashe tambaya a kan abin da mutum zai iya gyarawa da kansa. Doguwar jimlar nan kuwa za ta fito da kanta a amsar tambaya ta uku. Haka nan ban ambaci amsar da ya ba ki a watan jiya ba, kuma ina ba ki shawara kada ki ambace ta, domin duk yadda kika lanƙwasa maganar zai ji ta a matsayin ƙorafi. Ban kuma cika saƙon da neman afuwa ba. Gaisuwa da godiya sun isa ladabi, amma layi huɗu na "a yi haƙuri na dame ku" suna binne tambayoyin, har mai karantawa a waya ya gaji kafin ya iso gare su. Ki aika ta hanyar da shi ko makaranta suka ware don irin wannan, a lokacin aiki, ba da tsakar dare ba.

Tayin zuwa a ji da baki kada ki raina shi. Malamai da yawa sun fi sakin jiki da magana a kan rubutu, kuma abin da zai ɗauke shi rabin awa ya rubuta zai faɗe shi cikin minti goma yana nuna miki layin da yatsa. Sharaɗin kawai shi ne ki rubuta abin da yake faɗa nan take, kafin ki tashi kuma ki maimaita masa da kalmominki, kamar ki ce, "Wato in faɗi matsayina a jimla ta biyu, in rage gabatarwar zuwa kalma 60?" Idan kin ji ba daidai ba, a nan zai tare ki.

Akwai abubuwa biyu da ba na so su shiga saƙon. Kada ki nemi ya sake rubuta miki sakin layi, domin abin da za ki samu jimlolinsa ne, za ki haddace su, ranar jarrabawa kuma tambaya ta zo daban. Kada kuma ki tambaye shi abin da yake ganin zai fito, domin wannan yana sa malami ya tsuke baki har a kan abin da ya halatta ya faɗa. Maganar maki kuwa, za ki iya nema, amma ki nemi a rarraba miki shi bisa rukunan nan maimakon jimilla ɗaya. Jimilla tana gaya miki inda kike tsaye ne kawai, rarrabawa ita ce take nuna rukunin da ya fi zubar miki. Ko ita ɗin ma ƙiyasi ce a kan rubutu ɗaya, ba alkawarin sakamako ba.

Mai yiwuwa ne ranar 12 ta zo ta wuce shiru. Kada ki fassara shirun da ƙi, kada kuma ki zauna jira. Ranar Alhamis 13 ki tuna masa sau ɗaya, a layi biyu, ki sake maƙala takardar don kada ya sha wahalar nema, ki ce ko amsar tambaya ta farko ce kawai za ki yi farin ciki. A ranar kuma ki fara gyaran da kika riga kika gano, domin raba sakin layi na 3 da faɗaɗa kammalawa ba sa jiran kowa. Idan har Litinin 17 babu labari, ki kai tambayoyin nan uku, yadda suke, wurin wani malamin da yake koyar da darasin. Idan kuma amsa ta zo amma a dunƙule, kamar "a inganta tsari" ko "hujja ba ta da ƙarfi", tambaya ɗaya ce take warware ta: "A wane sakin layi ne Malam ya fi ganin haka?" Da ya nuna wurin, sai ki gyara shi kaɗai ki mayar masa, ki tambaya ko abin da yake nufi ke nan.

Hanyar da za ki gane ko bayanin ya yi aiki ba ta cikin insha'in wayar hannu. Wannan dole ya yi kyau bayan gyara, tunda an nuna miki wuraren. Gwajin yana cikin na ranar 17, a kan tambayar da ba ki taɓa gani ba, cikin minti 50, ba kwafewa. Kafin ki fara, ki rubuta gyare-gyaren malam guda uku a wata 'yar takarda ki kife ta, idan kin gama ki buɗe ki bi su ɗaya bayan ɗaya: a jimla ta nawa matsayinki ya fito, ko kin amsa hujjar masu adawa, sau nawa kuskuren nan ya dawo. Shi za ki kai wa malam a karo na biyu, tare da tsohon mai jan bironsa a manne a baya, ki ce ba sai ya karanta duka ba, gabatarwa da sakin layin masu adawa kawai kike so ya duba.